Wata guda da sabuwar waya: me zan iya faɗa da gaskiya a kan batir, kyamara da ƙarko?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani rubutu da nake son yi. Wata guda ke nan da na sayi sabuwar waya mai matsakaicin farashi, kuma abokaina da dama sun ce suna jiran su ji ra'ayina kafin su fitar da kuɗinsu, domin a halin da ake ciki kuɗin waya ba abin wasa ba ne. Ba zan ambaci sunan kamfanin a nan ba, tunda ba wayar nake so mu tattauna ba, yadda za a rubuta sharhin ne ya dame ni. Abin da ke jikin kwalinta shi ne batir 5000mAh, caja mai wat 33, kyamarar baya mai megafikzel 50, da kuma lambar IP54. Ga abin da na fara rubutawa: "Batirinta yana riƙe caji sosai, kyamararta tana ɗaukar hoto mai kyau, kuma tana da ƙarko." Da na sake karantawa sai na ga cewa wannan magana za ta hau kan kowace waya da ke kasuwa, kuma wanda ya karanta ba zai ƙaru da komai ba. Ta ina zan faro, kuma me ya kamata in auna?

Auwal:
Wa alaikumus salam. Malam Nura, a ganina ka riga ka samu rabin aikin a jikin kwali. Lambobi ba sa ƙarya. Ka rubuta cewa batirin 5000mAh ne, duk wanda ya san waya ya san wannan yana kai mutum dare, sannan ka ce kyamarar megafikzel 50 ce, wato ta ninka mai 12 har sau huɗu. Mutane lambobi suke nema idan za su kwatanta waya da waya, ba labarin yadda ka ji a ranka ba.

Malam Sabi'u mai gyara:
Auwal ya yi gaskiya da ya ce sharhi yana bukatar lambobi, amma ba lambobin kwali ba. Duk mai son sanin abin da ke jikin kwali zai gani a shago ba tare da ya jira Nura ba. Abin da Nura yake da shi wanda mai shago ba shi da shi shi ne wata guda na amfani a garinmu, da zafinmu, da sabis ɗinmu, da irin wutarmu.

Bari in fara da batir. Lambar 5000mAh tana faɗin yawan abin da aka zuba a cikin batirin ne kawai, ba ta faɗin saurin da wayar take cinye shi. Kusan duk wayoyin da ake kawo mini a wannan farashi lambar da ke jikinsu ke nan, amma wata tana kai mai ita har sallar isha'i da saura, wata kuwa tun la'asar take neman caja. Bambancin yana fitowa daga abin da ke jan wutar, kuma babban mai ja shi ne sikirin. Idan kana aiki a waje da rana dole hasken ya tashi har ƙarshe kafin ka ga rubutu, alhali wanda ke zaune a ofis rabin hasken ya ishe shi. Idan wayar tana da zaɓin 120Hz, wato sikirin ya riƙa sabunta hotonsa sau 120 a daƙiƙa, kuma ka bar shi a kunne, za ta fi ci a kan wanda ya bar tasa a 60Hz. Na biyu shi ne sabis. Inda sabis yake da rauni wayar tana ƙara ƙarfin da take nemansa da shi, kuma idan layi biyu ne a ciki, to duka biyun take riƙewa. Saboda haka idan ka rubuta cewa batir yana kai ka dare ba tare da ka faɗi waɗannan abubuwa ba, maganarka gaskiya ce a gare ka, amma tana iya zama ƙarya ga wanda ya dogara da ita ya saya.

Abin da za ka yi ba shi da wahala. Ka cika wayar da safe, ka rubuta lokacin da ka cire caja, ka yi harkokinka kamar yadda ka saba, sannan kafin ka mayar da ita caji da dare ka shiga Settings, ka danna Battery, ka duba kashin da ya rage da kuma yawan lokacin da sikirin ya kasance a kunne. Ka ɗauki hoton wannan shafi. Kada ka yi amfani da makon farko, domin a lokacin wayar tana sauke sabuntawa, tana dawo da hotuna da saƙonnin WhatsApp, kai ma kana yawan danne-danne saboda ɗoki. Sakamakon sati na uku da na huɗu shi ne na gaskiya.

Nura:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na ci sa'a ina da hotunan wannan shafi na ranaku daban-daban, kuma yanzu na duba su. A ranar aiki ta yau da kullum ina cire caja da ƙarfe 7 na safe tana kashi 100, zuwa ƙarfe 9 na dare takan rage kashi 18 ko kusa da haka, sikirin kuma ya yi awa 5 da minti 40 a kunne. Yawancin abin da nake yi WhatsApp ne da Facebook da kira, da ɗan kallon bidiyo, layi biyu a ciki, data a kunne tun safe. Amma ranar da na kunna Hotspot domin in yi aiki da kwamfuta, kafin magariba ta sauko ƙasa da kashi 10. Akwai kuma abin da ban gane ba: idan na kwana a gida takan zubar da kashi 6 ko 7 kafin asuba ko da ban taɓa ta ba, amma da na kwana a gidan yayana a cikin gari kashi 2 kawai ta zubar.

Malam Sabi'u mai gyara:
To, ga sharhinka nan ka riga ka rubuta shi da kanka. Wannan sakin layi naka ya fi jimlar farko amfani nesa ba kusa ba, domin mai karatu zai iya gwada rayuwarsa da taka. Wanda ke yawan kunna Hotspot ya san inda ya tsaya, wanda kuma kira da saƙo ne kawai aikinsa ya san zai samu fiye da abin da ka samu. Game da zubar dare, ka duba sandunan sabis a ɗakin da kake kwana. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin layukanka yana da rauni a can. Idan kana so ka tabbatar, ka sa wayar a Airplane mode dare ɗaya. Idan zubar ta ragu zuwa kashi 1 ko 2, laifin sabis ne, kuma bai kamata ka ɗora wa wayar ba. Idan kuwa ba ta ragu ba, akwai wata manhaja da ke aiki a ɓoye, kuma shafin Battery zai nuna maka sunanta. Idan manhajar tana cikin waɗanda suka zo da wayar kuma ba ta gogewa, wannan abin rubutawa ne.

Kada ka manta da caji. Batirin 5000mAh yana ɗauke da wajen wat-awa 19, saboda haka a lissafin takarda caja mai wat 33 za ta cika shi cikin minti 35 ko makamancin haka, amma ba za ka taɓa ganin hakan ba. Wayar tana karɓar cikakken ƙarfin ne a farko kawai, daga nan sai ta riƙa ragewa, musamman idan ta wuce kashi 80, kuma idan ta ji zafi tana ƙara ragewa domin ta kare batirin. Ka auna abu biyu: kashin da ta samu a minti 30 na farko, da lokacin da ta ɗauka kafin ta cika. A wurinmu na farkon ya fi muhimmanci, tunda ana iya kawo wuta a ɗauke kafin mutum ya gama shan shayi. Ka kuma faɗi cewa da cajarta ta asali ka auna. Wanda ke kai waya wurin mai caji a bakin titi, cajar mai shagon za a sa masa, kuma saurin da aka yi talla da shi ba zai samu ba.

Baba Idi:
Salamu alaikum. Tunda ana maganar waya, ni ma ina neman shawara. Tawa ta shekara uku, yanzu da zarar ta kai kashi 30 sai ta mutu, bayanta kuma ya ɗan ɗago. Wace waya ce Nura ya saya, in sa yaro ya sayo mini irinta?

Malam Sabi'u mai gyara:
Baba, ba zaɓen waya ake yi a nan ba, amma maganarku ba ta jira. Bayan da ya ɗago alama ce cewa batirin ya kumbura. Ku daina sa ta a caji, kada ku danne ta, kada kuma ku ajiye ta ƙarƙashin filo, ku sa a kai ta a canza batirin tun yau. Sau da yawa ba sai an sayi sabuwa ba.

Maganar Baba ta kawo mu kan abin da Nura ba zai iya sheda a kansa ba. Batiri yana tsufa ne da yawan zagayen caji, wato a cika shi a cinye shi, da kuma zafi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace shi an tsara su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000. Wanda ya yi wata guda bai wuce zagaye talatin ko kusa da haka ba. Saboda haka kada kalmar "ba ya lalacewa" ta shiga rubutunka, Nura. Ka ce ga yadda sabon batiri ya yi, ka tsaya nan.

Hajiya Binta:
Ni maganar kyamara ce ta kawo ni, domin da ita nake cin abinci. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda, kuma yawancin masu sayena ta hoto suke zaɓa. Ƙanena Nura, idan ka ce kyamara tana da kyau, me kake nufi? Na taɓa sayen waya saboda wani ya yaba kyamararta, hotunan da ya nuna kuwa duk na furanni ne da sararin sama. Da na ɗauki atamfa mai ja da ita sai jan ya koma kamar ruwan lemo, shuɗi mai duhu kuma ya yi haske. Mace ta zaɓi kaya a hoto, an kai mata har gida, ta ce ba shi ta gani ba, kuma gaskiyarta ce. Hoton ya yi kyau a ido, amma ba launin kayana ba ne. Saboda haka ina roƙonka ka shimfiɗa zane mai launi da yawa, ka ɗauke shi a inuwa da safe, ka sake ɗaukarsa a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki, sannan ka riƙe wayar kusa da zanen ka gwada da idonka. Ka gaya mana wane launi ne ya kauce.

Abu na biyu shi ne fuska. Wasu wayoyin suna zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kwali, sai ka ga mutum baƙi ya fito fari tas, fatarsa sumul kamar ba ta mutum ba. Akwai masu son haka, ban hana su ba, amma mai sharhi ya faɗa mana ko ya kashe wannan kafin ya ɗauka, da kuma ko wayar tana barin a kashe shi gaba ɗaya.

Auwal:
Hajiya, na yarda da maganar launi. Amma har yanzu ina ganin megafikzel 50 ya fi 12, domin idan ka ja hoton ka ƙara girmansa ba zai fashe ba. Ai ba a banza kamfanoni suke ƙara lambar ba.

Zainab:
Malam Auwal, akwai hanyar da Nura zai duba wannan cikin minti ɗaya. Ya buɗe kowane hoto da ya ɗauka ba tare da ya canza komai ba, ya danna Details. A yawancin wayoyin da aka rubuta musu 50, zai ga girman hoton wajen 4080 x 3072 ne, wato megafikzel 12 da rabi. Dalili shi ne ɗigogin da ke karɓar haske a irin wannan kyamara ƙanana ne ƙwarai, sai wayar ta haɗa huɗu su zama ɗaya domin hoton ya samu isasshen haske. Cikakken 50 ɗin yana nan, amma sai ka zaɓe shi da kanka, kuma amfaninsa yana fitowa ne da rana tsaka idan abin da ake ɗauka ba ya motsi. A nan maganarka tana da ƙamshin gaskiya: allon sanarwa daga nesa, da rana, yana iya fitowa da kyau fiye da na 12. A cikin ɗaki kuwa sau da yawa ba za ka ga wani ƙari ba sai nauyin fayil.

Ni mai ɗaukar hoton biki ce, kuma abin da nake nema a sharhi shi ne wuraren da kyamara take shan wahala, domin da rana a waje kusan kowace waya tana yin abin kirki. Yaya Nura, ka gwada yaro yana gudu a tsakar gida bayan magariba. Zaɓin Night yana bukatar ka riƙe wayar cik na daƙiƙu biyu ko uku tana haɗa hotuna, saboda haka gini zai fito da kyau, amma mutumin da ya motsa kansa zai fito dishi-dishi. Idan ka nuna hoton masallaci da dare kawai ka ce kyamarar dare tana da kyau, uwar da ta saya domin ɗaukar 'ya'yanta za ta ji ka yaudare ta. Ka gwada mutum a bakin ƙofa, hasken rana a bayansa, ka ga ko fuskar ta yi duhu. Ka yi bidiyo kana tafiya ka ga yawan girgizar, ka kuma saurari sautin a wurin da ake kiɗa da lasifika, domin wasu wayoyin hoton yana fita amma sautin ya dagule.

Sannan idan za ka sa hotunan a cikin sharhin, kada ka gyara su, kuma ka sani cewa WhatsApp da Facebook suna rage nauyin hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba. Idan wani ya nemi ganin na asali, ka tura masa a matsayin Document. Ka kuma faɗi ko kyamarorin da ke bayan wayar duka suna da amfani. Sau da yawa ana ganin ido uku, amma ɗaya ne ke yin aikin, sauran na megafikzel 2 ne.

Nura:
Na duba yanzu, kuma 4080 x 3072 na gani, kamar yadda Zainab ta ce. Na kuma gwada zanen mahaifiyata kamar yadda Hajiya ta nema. A inuwa launin ya yi daidai, sai dai kore ya ɗan ƙara kauri, amma a ɗaki komai ya karkata zuwa rawaya. Zan rubuta hakan yadda yake. Saura maganar ƙarko, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai. Wayar ta faɗi sau ɗaya daga kan kujera zuwa siminti, tana cikin gidanta na roba, kuma ba abin da ya same ta. Yayyafi ma ya taɓa ta ina kan babur. Shin wannan ya isa in ce tana da ƙarko?

Malam Sabi'u mai gyara:
Bai isa ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa, kuma wata guda a rayuwar waya ƙuruciya ce. Faɗuwa ɗaya ba ta tabbatar da komai, domin fashewar gilashi ta dogara ne da ɓangaren da ya fara dukan ƙasa. Na ga wayar da ta faɗo daga bene ta tsira, na kuma ga wadda ta zame daga cinya ta sauka a kan kusurwa gilashin ya tsage daga sama har ƙasa. Ka rubuta abin da ya faru da dukan bayaninsa: tsayin kujera, siminti, gidan roba, da ko akwai gilashin kariya. Mai karatu ya yanke hukuncinsa.

Amma akwai abubuwan da wata guda yake nunawa, kuma ba kowa ke dubawa ba. Ka cire gidan robar, ka goge wayar, ka karkata ta a ƙarƙashin haske. Za ka iya ganin ƙananan zane a bayanta da gefenta, domin ƙura tana shiga tsakanin roba da jikin waya tana gogawa. Yashin da ke cikin ƙurarmu ya fi gilashin waya tauri, shi ya sa makulli ba ya cika yi wa sikirin illa amma ƙwayar yashi ɗaya a aljihu tana zana shi. Ka haska ramin caji da tocila ka ga ko ƙura da zaren aljihu sun fara taruwa, ka sa wayar caja ka ɗan girgiza ta ka ji ko tana zama daram. Ka danna maɓallan gefe ka ji ko sun fara laushi. Yawancin wayoyin da ake kawo mini da sunan sun daina caji, datti ne ya cushe ramin.

Game da yayyafi, lambar IP54 tana da ma'ana takamaimai. Biyar ɗin tana nufin ƙura tana iya shiga kaɗan amma ba yadda za ta hana aiki ba, huɗun kuma tana nufin fantsamar ruwa kawai. Ba ta nufin a tsoma ta a bokiti. Wadda aka gwada da nutsewa ita ce mai IP67, wato zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta, kuma ko ita kariyar tana raguwa idan wayar ta tsufa ko an taɓa buɗe ta. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin gyaran wayar da ruwa ya shiga ko da tana cikin garanti. Don haka kada ka rubuta cewa ruwa ba ya yi mata komai.

Abu ɗaya da zai taimaki mai karatu fiye da duk waɗannan: ka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko duk inda ake gyara kusa da kai, ka tambayi masu gyara biyu ko uku nawa ake canza sikirin ɗin wannan wayar, da ko ana samunsa a kasuwa ko sai an yi oda. Wayar da sikirinta ya kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta, ranar da ta fashe mutane da yawa a durowa suke jefa ta. Ka sa farashin da kwanan watan da ka tambaya, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Nura:
Akwai abu biyu da ban faɗa ba tukuna, kuma su ne ainihin abin da ke hana ni sakin rubutun. Na farko, idan ina ɗaukar bidiyo a rana na kamar minti goma, wayar tana zafi, hasken sikirin ya ragu da kansa, wani lokaci ma ta nuna gargaɗi ta rufe kyamarar. Ban sani ba ko duk irinta haka suke ko tawa ce kawai, kuma ba na so in ɓata sunan kaya a kan abin da ban tabbatar ba. Na biyu, mai shagon da na saya a wurinsa ɗan uwana ne, ya yi mini ragi mai yawa, kuma ya ce in ambaci shagonsa idan na rubuta.

Auwal:
Ni dai ina ganin ka bar maganar zafin. A watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40, wace waya ce ba za ta yi zafi ba? Laifin gari ne, ba na waya ba. Ragi kuma tsakaninka da ɗan uwanka ne, babu ruwan kowa.

Zainab:
Gaskiya ne cewa zafin gari yana da hannu, domin ko Apple cewa ya yi a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Amma masu karanta sharhin Nura a wannan garin suke zaune, kuma a cikin wannan zafin rana za su ɗauki bidiyon ɗaurin aure. Idan ya ɓoye, ya ɓoye musu abin da ya fi shafarsu. Ba sai ya ce wayar tana da matsala ba. Ya ce: a rana tsaka, cikin gidan roba, bayan kusan minti goma na bidiyo, kyamarar takan rufe, a inuwa kuma ban ga haka ba, kuma waya ɗaya ce a hannuna. Idan zai iya, ya ari wayar wani ta wani kamfani ya ɗauki bidiyo da su biyun a lokaci guda, ya cire gidajen robar. Idan tasa ce kaɗai ta rufe, to maganar ta wuce laifin gari.

Hajiya Binta:
A kan ragi ban yarda da Auwal ba ko kaɗan. Ni 'yar kasuwa ce, na san abin da alheri yake yi wa harshe. Wanda aka yi wa ragi, ko yana so ko ba ya so, bakinsa yana nauyi wajen faɗin aibu. Ka faɗa tun a layin farko cewa da kuɗinka ka saya, a shagon ɗan uwanka, kuma an rage maka. Ka kuma rubuta farashin da kowa zai tarar a kasuwa, ba wanda aka yi maka ba, domin wayar da ta yi araha a farashinka tana iya yin tsada a farashin wani.

Malam Sabi'u mai gyara:
Ina tare da Hajiya a kan faɗin ragin, amma ni da zan ba da shawara sai in ce a cire sunan shagon gaba ɗaya. Da zarar sunan shago ya shiga, mutane za su karanta sauran a matsayin talla, kuma idan ka ambaci zafin, ɗan uwanka zai ga kamar ka kashe masa ciniki.

Hajiya Binta:
Malam, a nan mun ɗan saɓa. Idan ya faɗi gaskiyar wayar har da aibunta, ya kuma ce ga inda ya saya, ai mai shagon ne zai ci riba, domin mutane za su san ba a haɗa baki an rufe su ba. Ni da kaina nake gaya wa mace cewa wannan leshin yana zuba a wankin farko, kuma gobe ita ce take dawowa da ƙawarta.

Nura:
Na gode muku duka. Zan sa maganar ragi a farko, zan kuma rubuta zafin da yanayin da yake faruwa bayan na yi gwajin da Zainab ta faɗa, domin abokin aikina yana da waya ta wani kamfani mai kusan farashin tawa. Sunan shagon kuwa sai na zauna da ɗan uwana na karanta masa sakin layin zafin tukuna. Malam Sabi'u, ranar Asabar zan shigo kasuwa tambayar kuɗin sikirin, kuma ina so ku duba mini ramin cajin, domin da na haska shi na ga wani abu fari a can ciki.

Malam Sabi'u mai gyara:
Allah ya kai mu. Kafin nan kada ka sa allura ko wani ƙarfe a ciki, akwai siririn harshe a tsakiyar ramin da ke ɗauke da wayoyin caji, kuma idan ya karye sai an canza wurin gaba ɗaya. Ka zo da cajarta ta asali da kwalin, mu auna minti 30 ɗin a shagona mu gani.